Saƙon murya ko rubutacce: wanne ya fi dacewa da ranar zagayowar aure?

Idan ranar zagayowar aurenku ta zo mijinki yana aiki a ƙasar waje, hanya biyu ce ta fi kusa: saƙon murya ko rubutacce. Kiran bidiyo na da daɗi, amma bambancin lokaci da jadawalin aikinsa sukan hana shi samuwa.

Murya tana kai abin da rubutu ba ya iyawa. Zai ji dariyarki, ya ji yadda kike kiran sunan da ke kaɗai kike kiransa da shi. Sai dai tana bukatar waje mai sirri. Mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da abokan aiki yakan ajiye saƙon har dare kafin ya buɗe. Kuma idan kewa ta sa muryarki rawa, hankalinsa zai tashi, ga shi ba shi da halin zuwa ya lallashe ki.

Rubutu kuwa ana karanta shi a ko'ina, ko a ɗan hutun cin abinci, a kuma sake komawa kansa bayan watanni. Matsalarsa shi ne sanyi: "Barka da ranar aurenmu" kaɗai, kowa zai iya turo masa. Ki saka abin da ku biyu kawai kuka sani, misali: "Maigida, shekarunmu shida yau. Har yanzu kujerar da ka gyara daren tafiyarka ba ta sake karyewa ba. Allah Ya dawo mini da kai lafiya."

Ni dai na fi son a tura rubutun ya same shi da asubar ƙasar da yake, muryar kuma ta biyo bayan ya tashi daga aiki. Zancen kuɗi da buƙatun gida a bar shi sai gobe.