Sharhi kan aikin masu gano yoyon ruwa a ƙarƙashin daɓe

Na ɗauki masu aikin gano yoyon ruwa ne bayan da gindin bangon falo ya fara laima, fenti yana kumbura yana ɓarewa, kuɗin ruwa kuma yana hawa ba tare da mun ƙara amfani da shi ba. Sun gano wurin, kuma tayil huɗu kawai aka fasa. Na'urar saurare ita ce aka fi tallatawa a irin wannan aiki, amma a ganina ba ita ce ta yi babban aikin ba, domin kafin a ciro ta daga jaka mita da gejin matsin ruwa sun riga sun taƙaita binciken zuwa bututu guda.

Da mita suka fara. Ma'aikacin ya sa aka rufe kowane famfo, aka kashe injin wanki, aka kuma rufe bawul ɗin da ke kai ruwa tankin sama, domin tanki mai cika a hankali yana juya mita daidai yadda yoyo ke juya ta. Sai ya nuna mini ɗan ƙaramin tauraron da ke fuskar mitar, wanda ke motsi ko da ruwan da ke wucewa kaɗan ne, kuma ga shi yana juyawa sannu a hankali ba ya tsayawa. Ya rubuta lambar, muka jira minti 30, ya sake karantawa, sai ga lita 6 sun wuce. Wato lita 12 ke nan a awa guda, lita 288 a yini, fiye da lita 8,000 a wata. Kafin ya ɗora laifin a kan bututu, ya ɗiga kala a tankin kowane masai ya jira ya ga ko za ta sauko cikin kwanon ba tare da an ja ruwa ba, domin robar da ta tsufa a tankin masai takan zubar da ruwa shiru, mai gida ya yi ta zargin bango. Kalar ba ta sauko ba. Daga nan ya rufe babban bawul na shiga gida, tauraron ya tsaya cak, abin da ya nuna cewa bututun da ke tsakanin mita da gini lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ciki.

Gwajin matsin ruwa shi ne ya fi burge ni, kuma a nan ne na gane cewa mutumin ya san aikinsa. Ya raba layin ruwan sanyi da na ruwan zafi, ya cire hita daga gwajin gaba ɗaya, ya ɗaura geji da ƙaramin famfon hannu na ƙara matsi, sannan ya ɓata lokaci yana fitar da iska ta famfon da ya fi kowanne tudu a gidan. Na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Maigida, ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan ruwa zalla ne a bututu, ɗan kaɗan ya fita allura za ta faɗi. Idan akwai iska a ciki, ita za ta riƙe matsin, ka ga kamar babu yoyo alhali yana nan." Ya kai matsin layin sanyi bar 4, bar kuwa shi ne ma'aunin da ake auna matsi da shi. Allurar ta ɗan sauka a mintunan farko, na ɗauka an kama ɓarawon, amma ya ce bututun roba irin na PPR yakan ɗan buɗe idan an matsa shi, don haka ya mayar da matsin bar 4, ya sake jira, allurar ta zauna daram. Layin zafi kuwa ya sauka daga bar 4 zuwa bar 2.5, da aka sake cika shi ya sake sauka daidai haka. Bambancin da ya koya mini shi ne, saukar da buɗewar roba ko hucewar ruwa ke jawowa tana raguwa har ta tsaya, ta yoyo kuwa tana maimaita kanta duk lokacin da aka mayar da matsin. Ya kuma toshe bakin layin da murfi maimakon ya dogara da bawul, domin bawul ɗin da ba ya rufuwa sosai yana iya barin ruwa ya koma baya, gejin ya nuna yoyon da babu shi.

Sai saurare. Ya buƙaci a kashe firji, fanka da injin tura ruwa, a kuma daina zirga-zirga. Ya fara da sandar ƙarfe, yana ɗora bakinta a kan kowane famfo da bawul na ruwan zafi yana kara kunne a ɗaya gefen, sannan ya koma ga na'urar da ake ɗorawa a kan daɓe, yana matsar da ita taki ɗaya-ɗaya a kan hanyar bututun, yana rubuta ƙarfin sautin da alli a kan tayil. Ya ba ni na saurara. Abin da na ji wani siririn huci ne, kamar iskar da ke fita daga tayar keke da ƙaya ta huda, kuma da ba a ce mini shi ne ba, da na ɗauka ƙarar na'urar ce kawai. Bututun ƙarfe yana kai sauti nesa, na roba kuwa yana shanye shi, saboda haka sai da ya ƙara matsin ya kuma tura iska kaɗan cikin layin kafin sautin ya fito sosai, domin iska da ruwa idan suka haɗu suna fita ta tsaga ɗaya sukan yi tartsatsin da ya fi jiyuwa. Wurare biyu suka yi ƙara: ɗaya kusa da bangon da ke da laima, ɗaya a tsakiyar baranda, wajen mita 2 daga nan. Na farkon mahaɗar bututu ce da ke manne da kankare, tana ɗauko sautin daga nesa. A na biyun aka fasa, aka tarar da gwiwar bututu da ba a narka haɗinta da kyau ba tun lokacin gini, ruwan yana bin yashin da ke ƙarƙashin tayil har ya isa bango ya hau shi.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, ba su bar mini komai a rubuce ba, ba lambobin gwaji, ba zanen hanyar bututun da suka sha wahalar bi, kuma duk wanda zai nemi diyya daga kamfanin inshora ko ya yi magana da wanda ya yi ginin yana buƙatar wannan takarda. Haka kuma bayan gyara sun so su tafi da zarar tauraron mita ya tsaya, sai da na nemi a maimaita gwajin geji. Dalilina shi ne mita tana da mafi ƙarancin ruwan da take iya ji, ɗigon da bai kai wannan ba yana wucewa ba ta motsa ba, kuma layin da aka yi wa haɗi ɗaya na ganganci yana iya samun na biyu. Sun yarda ba tare da musu ba, layin zafin ya riƙe bar 4 har tsawon awa guda kafin a rufe ramin.

Zan sake kiransu, amma wanda ruwan gidansa ke saukowa daga tankin sama kawai ya tambaye su tun farko ko suna zuwa da famfon ƙara matsi. Tsayin mita 10 ne ke ba da kusan bar 1, tankin da ke kan rufin gida mai hawa ɗaya kuwa ba ya kai rabin haka, kuma yoyo a irin wannan matsi ba ya yin ƙarar da na'ura za ta ji ta cikin kankare. Waɗannan gwaje-gwaje kuma bututun da ke kawo ruwa kaɗai suka shafa. Idan laimar daga bututun fitar da ruwan wanka take, mita ba za ta juya ba, geji ba zai faɗi ba, sai dai a toshe bututun a cika shi da ruwa a duba ko ya ragu.