Hattara da masu sa wa tsohon littafin JAMB sabon bango

Iyaye da yayyen masu shirin zana JAMB, a kula. Da zarar an fara rajista, wasu masu sayar da littattafai a bakin cibiyoyin CBT da cikin kasuwa sukan kwaso kwantan littattafan tambayoyin baya, su cire bangon, su manna sabo mai ɗauke da shekarar bana, su sayar a kuɗin sabon bugu. Ciki kuwa ko wasali ba a taɓa ba.

Ina koyar da Turanci a ajin share fage, kuma irin wannan littafin wata ɗalibata ta zo da shi, babanta ya saya mata. Bango fes. Da na buɗe sashen Use of English sai na tarar da taƙaitawar Sweet Sixteen, littafin da aka yi amfani da shi a 2019 da 2020. Bayansa an yi The Life Changer daga 2021 zuwa 2024, sannan a 2025 aka koma The Lekki Headmaster. Wato yarinya ta zauna tana haddar sunayen mutanen labarin da ba za a tambaye ta ko ɗaya ba, a darasin da ya zama dole ga kowa.

Don haka kafin ka miƙa kuɗi, manta da bango, wuce zuwa sashen Use of English kai tsaye. Littafin karatun da ke ciki ya zo daidai da wanda aka ba yaro wajen rajista? In bai zo ba, ajiye. Sai ka duba shekarar da tambayoyin suka tsaya a ciki, da shafin farko inda ake rubuta shekarar bugu. In an yage shafin, ko ka ga gam ya yi dama-dama a gindin bango alhali takardun sun yi ja, ka san inda aka dosa.

Akwai kuma tsarin jarrabawar. Yanzu tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Littafin da gwajinsa ke da tambaya 100 a Turanci, na tsohon tsari ne.

Ba cewa na yi tsofaffin tambayoyi ba su da amfani ba. A Lissafi da Physics suna gyara hannu sosai, amma a saye su da sunan tsoho, a farashin tsoho. Mai Literature ne dai zai fi shan wuya, don shi ma littattafansa ana sauya su. Manhajar kowane darasi tana nan kyauta a ibass.jamb.gov.ng. A buɗe ta a waya a gaban mai shago, a gwada da jerin abin da ke cikin littafin. In ya ce ba a cire leda sai an biya, a nemi wanda aka riga aka buɗe, in babu a ƙara gaba.