Gargaɗi ga 'yan kasuwar Maraɗi: mai sayar da tablon bashi da ke daina ƙirga bayan layi na 300

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya sayi tablon lissafin bashi a hannun wani saurayi da ke zagaya kantuna da kile a aljihu, don Allah ya karanta wannan kafin ya sake gaya wa wani mai bashi abin da ya rage a kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin maganar tana hannun manya, amma zan faɗi yadda abin yake aiki, tun da ba mu kaɗai ya sayar wa ba.

Ni ke riƙe da lissafin kantin yayana, inda muke sayar da shinkafa, sukari, mai da taliya a sari. Yawancin masu ɗaukar kayanmu 'yan ƙananan kantuna ne daga Tibiri, Madarunfa, Gidan Runji, har Tasawa, kuma rabin cinikin bashi ne: a ɗauka yau, a kawo kuɗi bayan cin kasuwa. Da kaye muke rubutawa, har wannan yaron ya zo ya nuna mana abin da ya kira lojisiyel. Excel ne kawai, mai shafi uku: ɗaya na bashin da aka ɗauka, ɗaya na kuɗin da aka biya, na ukun kuma yana nuna sunan kowane mutum da abin da ya rage a kansa. Ya burge mu, gaskiya. Muka ba shi jika 30. Ya ce ya kulle shafi na uku da kod don kada yaran kanti su ɓata shi, muka ce ya kyauta.

Wata huɗu ba mu ga aibu ba. Ran nan wani abokin cinikinmu na Tasawa ya aiko a gaya masa saura nawa. Na duba, tablo ya ce jika 60. Yaya ya ɗago kai ya ce, "Kai, a'a. Mutumin da ya loda buhu takwas makon jiya?" Na ce masa abin da ordinater ya nuna ke nan. Ya ce, "Ɗauko mini kaye." Allah ya taimake mu bai taɓa yarda an daina rubutun hannu ba, duk da na sha ce masa aiki biyu ne.

Muka zauna muka bi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya ɗauki kaya sau tara. Shida na farko sun tashi jika 510. Uku na baya kuwa jika 120, jika 85 da jika 160, wato 365. Jimilla jika 875, ya biya 450, saura 425. Duka taran suna nan a shafin bashi, ni na shigar da su da hannuna, ba wanda ya ɓace. Amma shafi na uku shida kawai ya tara, ya cire biyan nan duka, ya ba ni 60. Da na tura masa wannan adadin ya biya, da wane baki zan koma in ce akwai wata jika 365?

Na kira mai tablo. Bai ko nemi ganin allon ba ya ce birus ne ya shiga, gyara jika 15. A nan raina ya fara ba ni wani abu, domin birus ɗin da zai zaɓi bashi uku na ƙarshe ya bar shida na farko, wannan birus ya san kan ciniki.

Ɗan yayarmu da ke karatu a jami'a shi ya gano bakin zaren, kuma ba tare da kod ba. Hanyar da ya bi kowa zai iya bi, shi ya sa zan tsaya a kanta. Ya kwafi fayil ɗin gefe don kada a taɓa na aiki. A kwafin, ya je layi na 20 na shafin bashi, ya ƙara jika ɗaya a kan kuɗin da ke wurin, ya leƙa shafi na uku: adadin mai wannan bashi ya motsa. Ya je layi na 400 ya yi haka, bai motsa ba. Ya dawo 200, ya motsa. 350, shiru. Yana ta raba tsakani har ya tsaya a kan iyakar: layi na 300 ana ƙirga shi, na 301 ba a ƙirgawa. Bashi ukun nan na mutumin Tasawa suna layi na 318, 355 da 401. Mu kuwa lokacin mun kai layi na 412, ma'ana layi 112 na bashi tablo bai san da su ba. Shafin biya bai kai 300 ba tukuna, don haka duk abin da aka biya ana cirewa, abin da aka ɗauka ne ba a ƙarawa. Kullum kuskuren a kanmu yake faɗawa.

Da muka matsa wa mai tablo a gaban dattawan layinmu ya buɗe kod, ga abin da muka tarar:

```
=SOMME.SI(Bashi!$B$2:$B$300;A5;Bashi!$D$2:$D$2000)
```

Wanda ordinater ɗinsa na Turanci ne, irin waɗanda ake sayowa Katsina ko Kano, zai ga SUMIF da waƙafi a maimakon SOMME.SI. Aikinsu ɗaya.

Formil ɗin kashi uku ne. Na farko shi ne inda za a nemi suna, wato kolon B. Na biyu sunan da ake nema. Na uku inda za a ɗebo kuɗi a tara, wato kolon D. Ku dubi ƙarshen kowanne: kuɗi har layi na 2000, suna kuwa ya tsaya a 300. Shi wannan 2000 ɗin ya yi ta nuna wa dattawa, yana cewa ai ya ba mu wuri har dubu biyu. To, SOMME.SI ba ya kallon ƙarshen kashi na uku ko kaɗan. Gidan farko kawai yake ɗauka, D2, sai ya auna tsawo daidai da na kashin farko. Idan sunaye sun tsaya a 300, kuɗi ma a 300 za su tsaya, ko da an rubuta miliyan a can. Kamar a ba yaro takardar sunaye mai shafi uku a ce ya je karɓar bashi: duk kaurin littafin kuɗin, wanda ba ya cikin takardarsa ba zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Excel ba ya nuna kuskure a nan. Ba ja, ba alama, adadi ne mai kyan gani yake fitowa. Da akasin haka aka yi, wato sunaye har 2000 kuɗi har 300, da ba abin da zai ɓace, domin zai miƙa kashin kuɗi ya kai tsawon na sunaye. Gajartar tana cutarwa ne idan ta faɗa a kashin farko. Akwai kuma wata ƙanwarta: idan suna ya fara daga B2 amma kuɗi daga D3, kowane mutum za a ɗora masa kuɗin wanda ke ƙasansa a layi.

Zan yi adalci. Irin wannan kuskure yana faruwa ga mai gaskiya. Mutum ya ƙara layuka, ya gyara kashi ɗaya ya manta ɗayan. Da a nan abin ya tsaya, da na ce rashin ƙwarewa ne. Abin da ya hana ni faɗin haka maƙwabcinmu ne mai sayar da sabulu da omo. Shi ya riga mu cika layi 300, ya biya jika 15 na cire birus, lissafinsa ya dawo daidai, har yana yi wa yaron godiya. Ɗan yayarmu ya gwada nasa: iyakar ta koma 600. Da aka buɗe, $B$300 ne kawai aka mayar $B$600, kashin kuɗi yana nan a 2000 yadda yake. Mutumin da ya san lambar da zai taɓa ya san ba birus ba ne, kuma da ya so da ya rubuta 2000 a wannan zaman. Ya bar ta 600 ne don a sake kiransa bayan 'yan watanni. Kanti na uku da muka duba, shi ma 300.

Idan kuna da irin wannan tablo, abu mafi sauri shi ne ku dubi sabon abokin ciniki, wanda ya fara ɗaukar kaya kwanan nan. In an saka sunansa a shafin taƙaitawa amma bashinsa na nuna sifiri alhali kun rubuta masa kaya, to kun wuce iyaka. Haka nan in kun ga tablo na cewa ku ne wani tsohon mai bashi ke bi. In shafin ba a kulle yake ba, ku danna gidan da adadin yake, ku karanta formil a sama, ku gwada lambar ƙarshe ta kashin farko da ta uku. In a kulle yake, ku yi gwajin jika ɗaya da na faɗa, amma a kan kwafi.

Gyaran da ya nemi jika 15 a kansa bai ci minti biyu ba. Mun sa kolon gaba ɗaya a kashin biyu, yadda ba sauran iyaka:

```
=SOMME.SI.ENS(Bashi!$D:$D;Bashi!$B:$B;A5)
```

Ku lura, a SOMME.SI.ENS kuɗi ne ke zuwa farko, sannan suna. Mun zaɓe shi ne saboda ba ya rufa wa kowa asiri: in tsawon kashin biyu ya bambanta, #VALEUR! yake nunawa, ba ya ba da rabin lissafi. Amma in aka gajarta su duka biyun daidai da juna, a 300 da 300, shi ma zai yi shiru ya bar sauran. Saboda haka muka ƙara gida ɗaya a saman shafi na uku, can gefe a kolon F, wanda ke cire jimillar bashin da mutane suka ɗauka, wato kolon B kafin a cire biya, daga jimillar shafin bashi:

```
=SOMME(Bashi!D:D)-SOMME(B5:B500)
```

Dole ya nuna sifiri. Ranar da muka fara saka shi ma ya kama mana wani abu daban, wani suna da na rubuta iri biyu, sau ɗaya da harafi ɗaya a tsakiya, sau ɗaya da biyu, tablo yana ɗaukarsu mutum biyu.

Ba mu tsira duka ba. Kafin mu farga, mutum biyu sun riga sun biya abin da tablo ya nuna, na ce musu sun gama. Ɗaya da aka nuna masa kaye da sa hannun yaronsa ya ce, "Alhaji, haƙƙinka ne," ya cika. Ɗayan ya ce shi abin da aka gaya masa ya biya, kuma ban ga laifinsa sosai ba, bakina ne ya faɗa. Jika 95 ce, har yau ana kai da kawo.

Yaron ya mayar wa maƙwabcinmu jika 15 ɗinsa, ya kuma ba dattawa sunayen kantuna bakwai da ya ce ya sayar wa. Mun je biyar, sauran biyun suna Gidan Runji, ɗan yayarmu zai je ranar Lahadi in Allah ya kai mu. Wanda ya san ya saya kuma ba mu zo wurinsa ba, kada ya biya kuɗin gyara, ya nemi kod ɗin shafinsa tukuna, kuma ya bi bashin watannin baya da kaye kafin ya ce wa kowa ya gama biya.