Kuɗin makaranta: biya gaba ɗaya ko kashi-kashi? Abin da na gani a Garwa

'Ya'yana biyu suna wata makarantar kuɗi a nan Garwa, kuma na gwada hanyoyin biyan nan duka biyun: bara na biya kashi-kashi, bana na biya gaba ɗaya. A ganina biyan gaba ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ga wanda yake da halin yi, domin ƙarin da ake ɗorawa a kan kashi-kashi ya fi yadda yake bayyana a takarda nauyi.

Ga yadda tsarin yake a ajin babbar 'yata. Kuɗin rajista daban ne, kowa sai ya biya shi kafin a rubuta sunan yaro. Kuɗin karatun shekara kuwa sefa 120,000 ne idan an biya kafin ƙarshen Satumba. Wanda ya zaɓi kashi uku zai ba da 60,000 a Satumba, 40,000 a ƙarshen Nuwamba, sannan 32,000 a ƙarshen Janairu. Jimla 132,000, wato ƙarin 12,000.

Yawancin iyaye idan sun ga haka sai su ce ai kashi goma cikin ɗari ne kawai, ba laifi. Amma lissafin ba haka yake ba. Dubu sittin ɗin farko dole ka biya su a Satumba ko wace hanya ka bi, saboda haka abin da makaranta ta ɗaga maka ƙafa a kansa 60,000 ne kacal. A kan wannan sittin ɗin ne kake biyan ƙarin 12,000, wato kashi ashirin cikin ɗari. Kuma ba shekara guda aka ba ka ba: wani ɓangare wata biyu, sauran wata huɗu, a tsakaice kamar wata uku. Ke nan kana biyan kusan 4,000 kowane wata don a bar maka 60,000 a hannunka.

Da wannan 4,000 ɗin ya kamata mutum ya auna kansa. Idan kai ɗan kasuwa ne, kuma ka tabbata jarin 60,000 yana kawo maka ribar da ta haura 4,000 a wata bayan ka cire kuɗin mota da na dako da asarar kaya, to kashi-kashi bai cuce ka ba. Ni ina sayar da atamfa, kuma daga Oktoba zuwa Disamba ciniki ba ya gudu sosai a shagona, don haka kuɗin da na riƙe bara bai haifar da abin da ya rufe ƙarin ba. Wanda kuwa kuɗin yana ajiye ne kawai a gida ko a waya, babu dalilin da zai sa ya jinkirta.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jadawalin ba. Makarantar tana cin tarar 2,000 idan kashi ya wuce ranarsa, ga kuɗin cirewa daga waya, ga kuɗin babur zuwa wurin ma'aji da tsayuwa a layi an bar shago a rufe. Tarar nan raina bai kwanta da ita ba ko ta fuskar addini, domin ƙarin da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko daban, kuɗin da ake ɗorawa saboda bashi ya yi jinkiri daban. Abin da ya fi ci mini rai shi ne korar yara. Da ranar kashi na biyu ta wuce, sai a shiga aji da takardar sunaye a fitar da waɗanda ba a biya musu ba, a gaban 'yan uwansu, ana dab da jarrabawar zangon farko. Yaro ba shi ya ci bashin ba, bai kamata a ce shi ke ɗaukar kunyarsa ba. Idan kuma yaron yana ajin BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuɗin rajistar jarrabawa yakan faɗo a wannan tsakanin, nauyi biyu a lokaci guda.

Ban ce kashi-kashi ba shi da amfani ba. Ma'aikaci mai jiran albashin wata, da manomin da sai ya sayar da auduga ko albasa kuɗi ke shigo masa, Satumba ba watan wadata ba ne a gare su, kuma gara ƙarin 12,000 da yaro ya zauna a gida. Ni abin da ya ba ni damar biya gaba ɗaya bana shi ne adashi: na shiga na 10,000 a wata, mu goma sha biyu, na roƙi uwar adashi ta sa kwasata a Agusta.

Biyan gaba ɗaya ma yana da nasa haɗari. Na tambayi ma'aji, na ce, "Malam, in aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Marwa a tsakiyar shekara fa?" Ya ce, "Hajiya, kuɗin da ya shiga ba ya fita." Don haka wanda yake ganin zai iya tashi daga gari, ko bai gama gamsuwa da makarantar ba, ya nemi a rubuta masa sharaɗin mayar da kuɗi kafin ya miƙa, kuma ya karɓi rasit mai hatimi da aka rubuta sunan yaro da ajinsa da cewa an biya kuɗin shekarar duka.