Kafin ka zana riga ko kofi na sayarwa a intanet: wane shago ya dace da mai zaune a Maraɗi?

Wannan sana'a tsarinta a fili yake. Kai ne mai zane. Ka ɗora zanenka a shafin wani kamfani, su nuna shi a jikin riga ko kofin shayi, kuma ba a buga komai sai wani ya saya ya biya. Sannan ma'aikatar da ke kusa da mai sayen ta buga guda ɗaya tak, ta aika masa har gida. Ba ka sayen dilar riguna, ba ka biyan hayar shago a babbar kasuwa, ba kayan da zai kwana a hannunka. Amma kamfanonin ba iri ɗaya ba ne, kuma mafi yawan bayanin da ke yawo a kansu an yi shi ne don mutanen Amurka da Turai. Mai zaune a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi tambayarsa ta farko daban ce: idan an sayi rigata a Faransa, ta wace hanya kuɗin za su iso hannuna? Wannan tambaya ita ya kamata ta zaɓar maka shago, tun kafin maganar riba.

Kamfanonin gida biyu ne. Na farko kasuwanni ne masu masu saye nasu, irin Redbubble da TeePublic da Amazon Merch on Demand. Su ke karɓar kuɗin mai saye, su buga, su aika, su amsa ƙorafi, sannan su ba ka kasonka. Na biyu ma'aikatun bugu ne kawai, irin Printful da Printify, dukansu daga ƙasar Latbiya. Waɗannan ba su kawo maka mai saye. Kai za ka buɗe shagonka a Etsy ko Shopify ka haɗa da su.

Bari mu fara da gida na biyu, don shi ne ya fi jan ido. Mu ɗauka ka sa riga dalar Amurka 25, ma'aikata ta buga maka ita a 13. Etsy na karɓar santi 20 a kan kowane kaya da ka jera, da kashi 6.5 cikin ɗari idan an saya, ban da kuɗin sarrafa biya. Abin da zai rage maka ya kusa dala 9, wato ya ninka na kasuwanni. Sai dai a nan kai ke fara biya. Da zarar an yi oda, ma'aikata za ta cire 13 ɗin da kuɗin aike daga katinka na banki nan take, kuɗin mai saye kuwa sai daga baya su iso gare ka. Idan katin ya ƙi wucewa, oda ta tsaya, mai saye yana jira, kuma sunanka ne zai ɓaci. Bayan haka Etsy ba ta buɗe sabon shago sai ga mazauna ƙasashen da ke cikin tsarinta na Etsy Payments, ƙasashen Afirka kuwa ƙalilan ne a ciki. Na san akwai masu aron adireshin ɗan'uwa a Turai su buɗe. Ba na ba kowa wannan shawara, domin ranar da aka nemi takardun shaida suka saɓa, shago da kuɗin da ke ciki tare ake riƙe su. Wannan gida na wanda ya riga ya yi ƙarfi ne, ko mai abokin ciniki na gaskiya a waje wanda shagon zai kasance da sunansa da yardarsa.

Saura kasuwanni uku. Amazon ta fi kowa masu saye, amma ba a shiga kai tsaye, sai ka nema an amince, kuma ana ƙin mutane da yawa. Wanda aka karɓa yana farawa da zane 10 kacal, sai ya yi ciniki a ƙara masa. Akwai kuma haraji. Za ka cika takardar W-8BEN, kuma tun da Nijar ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana riƙe kashi 30 cikin ɗari na kasonka daga cinikin da aka yi a Amurka. Ka nema, ba laifi, amma kada ka zauna jiran amsarsu.

Redbubble, wadda aka kafa a Ostireliya a 2006, ta fi sauƙin shiga, kuma kai ke yanke ribarka a bisa farashin tushe. Idan ka sa kashi 20 cikin ɗari, rigar da tushenta dala 20 za ta ba ka 4. Tun 2023 suna cire wani kuɗin asusu daga masu ƙaramin matsayi, don haka 4 ɗin ba ta zuwa cikakkiya. Babbar matsalarta a wurinmu ita ce hanyar biya: PayPal, ko asusun banki na irin kuɗin Amurka, Birtaniya, Turai da makamantansu. Asusun PayPal da aka buɗe da adireshin Nijar na aika kuɗi ne, ba na karɓa ba. Mutum zai iya shekara yana ɗora zane, ciniki ya fara shigowa, sannan ya tarar ba ƙofar fita.

TeePublic, wadda Redbubble ta saya a 2018, tana biya ta PayPal ko Payoneer, kamfanin da ke karɓar maka kuɗi ta intanet ya tura su bankinka, kuma wannan na biyun shi ya sa nake ganin ita ce ta fi dacewa da mai farawa daga Maraɗi. Ba kai ke yanke farashi ba. Kason da aka daɗe da sani shi ne dala 4 a riga idan an saya a cikakken farashi, 2 idan lokacin rangwame ne, kuma asusun da suka sa a ƙaramin mataki yana samun ƙasa da haka. Kowane sabon zane yana kan rangwame kwana uku na farko, kuma suna yawan yin rangwame a shafin gaba ɗaya. Saboda haka lissafinka ya tsaya a kan 2. Ga misali: an sayi riga 10 a wata, 7 a rangwame, 3 a cikakken farashi. Jimla dala 26. Idan muka ɗauki dalar Amurka a sefa 600, jika 15 ne da 'yan kai, kafin Payoneer ta cire nata na canji da na turawa. Payoneer ɗin kuma tana da kuɗin shekara, kusan dala 30, a kan asusun da abin da ke shigarsa bai da yawa. Wanda ke sayar da riga ɗaya a wata, wannan kuɗin kaɗai zai cinye masa ribar shekara. Waɗannan farashi suna canzawa, don haka ka karanta shafin biyan kuɗi na kowane kamfani da kanka, kuma ka tabbatar an amince da katin shaidarka ko fasfo, da bankin da za a turo maka, kafin ka ɓata dare ɗaya a kan zane. Sunan da ke asusun ya zama daidai da na takarda harafi da harafi. Mahamadou a nan, Mahamadu a can, ya isa a tsayar da biya.

To riga ko kofi? Ni riga nake cewa a fara da ita. Ta fi kofi kaso, kuma mutum yana sa ta ya fita, wasu su gani su tambaya. Amma bugunsu ya bambanta, kuma zane ɗaya ba ya zama daidai a duka biyun.

Mu ɗauki zane mai rubutun "Haƙuri maganin zaman duniya" da dagin arewa a ƙasansa. Don riga, ka buɗe fili mai faɗin 4500 da tsawon 5400 na ɗigon hoto, wanda shi ne awon Amazon, kuma ya wadatar a sauran. A jikin riga ya kai kamar santimita 38 da 46. Ka ajiye shi a PNG marar bango. Idan ka bar farin bango, za a buga shi yadda yake, mai saye ya karɓi baƙar riga da farin akwati a ƙirji. Hanyar ganewa ita ce ka ɗora hoton a kan baƙin fili kafin ka tura. Ka sani kuma cewa manhajar zane ta Canva ta kyauta ba ta fitar da hoto marar bango, amma Photopea da Inkscape suna yi ba tare da biyan komai ba. Injin riga yana fesa tawada ne kai tsaye a kan yadi, kuma idan rigar mai duhu ce yana fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa. Shi ya sa inuwa mai dusashewa da ƙyalli a gefen haruffa, waɗanda ke da kyau a fuskar waya, suke fitowa kamar toka. Launi cikakke mai kaifin gefe shi ke fita da kyau. Ka yi kala biyu na zanen, farin rubutu don riga mai duhu, baƙi don mai haske.

Kofi kuma da zafi ake shigar masa da launi, kuma babu farar tawada a wannan aiki. Duk inda ka sa fari, farin jikin kofin ne zai bayyana. Filinsa a kwance yake, kamar 2700 da 1050 a kofi madaidaici, don haka dogon zanen riga idan ka jefa shi haka zai ƙanƙance har rubutun ya gagara karantuwa. Sai ka sake jera shi layi biyu, ka sa shi gefen dama da na hagu, domin tsakiyar filin ita ke faɗawa daura da mariƙi, inda mai shan shayi da wanda ke zaune gabansa duk ba sa gani sosai.

Akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Yawancin kyawawan haruffan ado ba su da su. Manhajar sai ta aro ƙ daga wani salon, ka ga "Haƙuri" da harafi ɗaya siriri a tsakiyar masu kauri, ko ɗan akwati a gurbinsa. Ka faɗaɗa hoton sosai ka duba wannan harafi kafin komai. Salon haruffa na Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su. Idan a waya ka zana za ka tura wa kwamfuta, kada ka aika ta WhatsApp a matsayin hoto, don yana matse shi ya kashe marar bangon. Ka aika a matsayin takarda.

Masu sayen wannan riga ba a Maraɗi suke ba. Kuɗin riga da na aike zuwa nan ya ninka abin da mai buga riguna a gari zai karɓa sau da yawa. Kasuwarka ita ce 'yan'uwanmu da ke Faransa da Beljiyom, da garuruwan Amurka irin Greensboro da New York, masu son karin maganar gida a ƙirjin 'ya'yansu. Don haka sunan zane da kalmomin nema su kasance da Hausa da Faransanci da Turanci. Ranar Hausa ta Duniya 26 ga Agusta ce, ranar samun 'yancin kan Nijar 3 ga Agusta, zanen da aka yi dominsu kuwa ya hau tun watan Yuni, saboda bugu da aike suna cin kwanaki.

Tambarin Barcelona ko Real Madrid, da hoton mawaƙi ko ɗan kokowa da ba ka nemi izininsa ba, ka bar su gaba ɗaya, ko da ka ga ana sayar da irinsu a kasuwa. Waɗannan kamfanoni suna cire zanen da aka kai ƙara a kansa, kuma idan abin ya maimaitu suna rufe asusun, duk sauran zanenka na halak su tafi tare da shi.