Mai arha ko mai kawo rahoton isar saƙo?

"Jama'a, ina haɗa tsarin sanar da iyayen yara ta SMS a makarantarmu da ke Katsina. Kamfani ɗaya ya fi arha amma `Sent` kawai yake nunawa, ɗayan yana bayar da rahoton isar saƙo. Wanne zan ɗauka?"

Malam, ɗauki mai rahoton. Shi nake amfani da shi wajen sanar da 'yan adashenmu na Daura, kuma ya fitar da ni kunya. Wani dattijo daga wajen Mai'adua ya zo yana faɗa wai ba a sanar da shi ranar zubi ba. Na buɗe rahoton, sai ga `EXPIRED` a gaban lambarsa. Ashe kwana biyu yana gona inda babu sabis, saƙon ya yi ta jira har wa'adinsa ya ƙare. Ya ce wallahi haka ne, muka rabu da dariya.

Ga yadda rahoton yake zuwa, a taƙaice, a SMPP, wato ƙa'idar da tsarinka ke bi wajen musayar saƙo da kamfanin turawa:

```
id:7F3A21 stat:UNDELIV err:001
```

Wannan `id` ɗin shi ne lambar da aka ba ka lokacin turawa, don haka ka adana ta, da ita za ka gane wane saƙo ake nufi. `DELIVRD` na nufin ya shiga wayar, ba wai an karanta ba. `UNDELIV` kuwa sai ka duba `err` a jadawalin kamfaninka, domin ma'anar lambobin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ya nuna layin ba ya aiki, ko sau goma ka tura kuɗinka kawai kake ƙonawa, sai a nemi sabuwar lamba wajen uban yaro. `REJECTD` ma ba a maimaita shi sai an gano dalili, sau da yawa mai layin ne ya toshe saƙonnin talla ta 2442, kuma maganinsa a bi ta hanyar da aka ware wa saƙonnin sanarwa.

`EXPIRED` ne nake sake turawa, bayan awa ɗaya, sannan washegari da safe, daga nan sai kira. Amma muddin rahoto bai zo ba, kada ka sake turawa. Idan waya na kashe, cibiyar saƙonni ta kamfanin layin tana riƙe da saƙon tana gwadawa da kanta. Ka ƙara uku a kai, mutum na kunna waya, saƙo huɗu za su faɗo masa a jere.

Mai arhan na taɓa sayen kuɗin saƙo a irinsa, yana dai turawa, iyakar abin da zan ce ke nan. `Sent` ɗinsa yana nufin sun karɓa daga hannunka ne kawai.

Sai dai ka yi hattara, akwai masu rahoton bogi. Kafin ka biya, cire layinka ɗaya daga waya ka tura masa saƙo. In ka ga `DELIVRD` alhali layin yana tafin hannunka, tattara kuɗinka ka yi gaba.