Sharhina kan taswirar zuwan mara lafiya da anka zana muna a asibiti

Ni ka kula da kati da karɓar kuɗi a wani ƙaramin asibitin kuɗi nan Mabera cikin Sakkwato, kuma kwanan baya mai asibitin ya ɗauko wata baiwar Allah da ka aikin zana taswirar tafiyar kwastoma, wato ta bi mara lafiya tun daga gida har ya koma gida ta ga inda shika shan wahala. Gaskiya aikin ya ci kuɗinshi, amma akwai inda ban gamsu ba kuma zan faɗa.

Abin da ya fara burge ni, ta ƙi yarda a zana ma "marasa lafiya" gaba ɗaya. Ta ce mutum guda za a zaɓa, sai munka zaɓi uwa mai goyo da ɗanta ka zazzaɓi, wadda ba ta karatun boko, don su mun ka fi gani lokacin damina. Ta manna babban kwali a bango ta ja layi. A sama matakai ne a jere: shawara a gida da jiran kuɗi wurin maigida, hawan kabu-kabu, yankan kati, jira a benci, awon nauyi da zafin jiki, ganin likita, biyan kuɗin gwaji, lab, komawa wurin likita, biyan kuɗin magani, karɓar magani, sai gida. Ƙarƙashin kowane mataki akwai gurbin abin da uwar ta yi, da wa ta haɗu, mi ta ce da bakinta, yadda ranta yake, sai inda ke mata ciwo. Yadda rai yake ɗin layi guda ne da ka hawa da sauka daga farkon kwalin har ƙarshe.

Kuma ba ta bari mu ma'aikata mun cika shi da ka ba, zama ta yi a benci da hijabinta tana bin mata da izininsu tana rubuta lokaci, in sun fito ta tambaye su.

To nan abin ya ba ni mamaki wallahi. Mu duk mun ɗauka layin yadda rai yake zai faɗi ƙasa ne wurin jiran likita tunda nan anka fi daɗewa, ga zafin Sakkwato ga fanka ba wuta. Ya ɗan sauka kam, amma matan sun san layi suke kuma suna ganin shina tafiya, sai su yi haƙuri. Inda ya faɗi warwas shi ne bayan lab. Gwajin maleriya na gaggawa minti 15 zuwa 20 ne ya fito, sai a miƙa ma uwa 'yar takarda ba wanda ya ce mata komai, ta tsaya bakin ƙofar likita da yaro jiki rau, ba ta san ko ta shiga ba ko ta sake bin layi daga baya, ba ta san mi takardar ta ce ba, in ta leƙa masu jira su yi mata ca wai ta yi tsallake. Wata uwa ta ce ma mai zanen, "Baiwar Allah ni dai na zaci wani mugun abu anka gani shi ya sa kowa ya yi shiru." Wannan maganar ta tsaya min a rai sosai don kullum a gabana ake yin haka.

Wuri na biyu tagar magani. Maganin maleriya irin artemether-lumefantrine sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma ana son a ba shi da nono ko abinci mai maiƙo. Duk wannan a lamba ake rubuta shi a jikin leda, uwa ta ce to ta wuce, gida ne abin ka ruɗe mata. Yanzu mai lab ka faɗa mata sakamako da Hausa ya ba ta jan kati na shiga kai tsaye, mai magani kuma shina zana hoton rana da na wata ya sa ta maimaita mishi.

Inda ban ji daɗi ba, rahoton ƙarshe da Turanci ta kawo shi, alhali masu shara da mai gadi da su anka yi aikin kuma mai gadi shi uwar ka fara haɗuwa da shi. Sannan ranakkun da take zaune kowa ya gyara hali, har masu tsawa sun koma lallashi, don haka na tabbata wurin kati ya fi yadda kwalin ya nuna muni. Kuma taswirar ba ta nuna abin da ka faruwa bayan fage, misali dalilin da fayil ka ɓacewa, ta ce wannan wani zane ne daban da kuɗinshi daban. Mai son ɗaukar irin aikin ya yi wannan cinikin tun farko, ya kuma sani taswirar mai goyo ba za ta yi ma tsoho mai hawan jini da ka zuwa duk wata ba, shi nashi za mu zana da kanmu bayan Sallah in Allah ya kai mu.